Kalmomin da Turanci ya ƙi ƙirgawa

Aikina a ofis ya haɗa da duba wasiƙun Turanci kafin su isa teburin maigida ya sa hannu. A hankali na lura gyaran da na fi yi bai wuce na ƙananan kalmomin nan uku ba, *a*, *an* da *the*, kuma yawancinsa a kan wasu sunaye ƙalilan yake faɗawa: *advice*, *information*, *equipment*, *furniture*, *evidence*, *luggage*.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mu muna cewa shawara ɗaya, shawarwari uku, bayani da bayanai, kaya da kayayyaki. Bature kuwa ya ɗauki waɗannan tamkar ruwa ko gari, abin da ake ɗiba, ba a ƙirga shi. Tunda *a* da *an* asalinsu "ɗaya" ne, ba sa zama gaban irin wannan suna, kuma ba a liƙa masa *s* na jam'i.

Ga wata wasiƙa da wani abokin aiki ya kawo mini, yana neman kayan sabon ofishinmu:

*We need an equipment and some furnitures. Equipment should arrive before Monday. Kindly give us an advice.*

A jimlar farko an ambaci kayan ne karo na farko, mai karatu bai san waɗanne ba, kuma ba a ƙirga su. Saboda haka sai a bar sunan tsurarsa, ko a sa masa *some*: *We need equipment and some furniture.* Ta uku ma haka, *give us some advice*. In kuwa lallai guda ɗaya ake nufi, sai a aro ma'auni, a ce *a piece of advice* ko *an item of furniture*.

Jimla ta biyu ce ta fi koya mini abu. Mai wasiƙar ya taɓa jin cewa *equipment* ba ya ɗaukar komai a gabansa, sai ya bar shi haka nan. To ai *a* da *an* kaɗai aka hana. *The* ba ruwanta da ƙirge, abin da take tambaya shi ne ko mai karatu ya riga ya san wanne ake nufi. An ambaci kayan a jimlar baya, don haka daidai shi ne *The equipment should arrive before Monday.* A nan Hausa na taimaka mana ƙwarai. Idan ka ce "na sayi ruwa, amma ruwan ba shi da kyau", wannan ɗan harafin da ka ƙara a karo na biyu kusan aikin *the* yake yi. Da na ce wa abokin nawa ya faɗi jimlarsa da Hausa, "kayan su iso kafin Litinin" ya ce, nan take kuma ya ga abin da ya ɓace.

Akasin haka ma yana faruwa, musamman a rubutun masu son Turancinsu ya yi nauyi. Sai ka ga *The education is expensive* alhali ilimi gaba ɗaya ake nufi. Magana a kan abu a dunƙule ba ta son *the*: *Water is scarce*, amma *The water in this tank is dirty*, domin an ware ruwan wani tanki takamaimai.

Inda dokar ke da iyaka shi ne sunayen da ke cin tudu biyu. *Experience* ba tare da komai ba gogewar aiki ce, wadda ake nema a takardar neman aiki: *She has experience in accounting.* Amma *an experience* wani abu ne guda da ya faru da mutum. *Paper* takardar da ake rubutu a kai ce, *a paper* kuma jarida ko maƙala. Har wasu marasa ƙirguwa sukan karɓi *a* idan sifa ta shigo, kamar *a good knowledge of Hausa*, sai dai *advice* da *information* ba sa yarda ko da an yi musu sifa.

Wasu kan ce a gwada sa *two* gaban kalma, in ta yi daɗin ji to ana ƙirga ta. Ni ban yarda da wannan dabarar ba, domin kunnenmu ya saba da *equipments* da *informations* a allunan shaguna da bakin manya, har sun daina yi mana banbarakwai. Na fi dogara da ƙamus irin na masu koyo, kamar Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda ke nuna ko suna *countable* ne ko *uncountable*, a wasu bugu da C ko U kawai. Sai dai a bi ma'anonin ɗaya bayan ɗaya, domin a ƙarƙashin *paper* kaɗai za a tarar da alamun biyu duka, kowace a gefen ma'anarta.