Fayafan da na kafe a bangon wata Hajiya

Aikin farko da aka sakar mini ni kaɗai a shagon da nake koyon ado, bangon falon wata Hajiya ne a unguwar Zariya da ke Maraɗi, faɗinsa mita 3 da rabi, an shafa mishi farin fenti, babu komai a kai sai wata tsohuwar kalanda. Ta ce tana son irin wanda ta gani a waya, fayafai manya da ƙanana a warwatse a bango. Dariya na yi a raina, faifai dai? Mu da muka tashi ana rufe fura da shi, iyayenmu kuma da jeren ƙorai da kwanuka aka kai su ɗaki, to jere a bango ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Ran Litinin na shiga babbar kasuwa na sayo 17, na haɗa da matankaɗi 2 da malfa 1, ban duba komai ba sai launi, wanda ya fi ja da ruwan hoda shi nake ɗauka. Da yamma na ɗauki guduma da ƙusoshi, kowane faifai na ɗora shi a bango in buga ƙusa a cibiyarsa. Cikin awa 2 na gama. Hajiya ta yi murna, ta ɗau hoto, har ta ƙara mini jika 2 a kan kuɗin aiki.

A watan Afirilu aka yi wannan. Ƙarshen Satumba ta kira ni, daga sallamarta na san ba lafiya ba.

Abin da na tarar ya ishe ni karatu. Waɗanda ke ɓangaren taga duk sun koɗe, jan ya koma kamar ruwan wankin nama, amma in ka juya bayansu launin na nan sabo ful. Guda 4 sun fara warwarewa daga tsakiya. Na ƙasa-ƙasa sun yi baƙin ɗigo-ɗigo a baya suna warin gumi, da na ciro babban matankaɗin kuma sai ga gidan zanzaro har 3 manne a bayansa, ga wani gari mai laushi kamar na gero ya zubo a kan kujera. Hajiya ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi “ɗiyata, haka na wayar ma ke yi?” Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi wallahi.

Na kwashe su a buhu na kai wa wata dattijuwa da ke kawo kaya kasuwa daga wajen Mayahi, can Gulbin Kaba inda goriba ta yi yawa, mafi yawan kabar da ake saƙa da ita a nan daga can take fitowa. Ta ɗauki ɗaya cikin waɗanda suka warware ta juya shi, ta sa yatsa a ramin ƙusar, ta ce “wa ya yi wannan ta'asa?” Na ce “Inna, ni ce.” Ta ce “to kin soke shi a maƙoshi.”

Ranar na fahimci yadda faifai yake, duk da tun ina yarinya nake taɓa shi. Igiya ɗaya ce tal ta ƙullin ciyawa, ana naɗe ta da siraran kaba ana lanƙwasa ta tana zagaye kanta, kowane layi ana ɗinke shi da wanda ya gabace shi. Farkon igiyar kuma a cibiya yake. In ƙusa ta ratsa wurin ta yanke ɗinki 2 ko 3, to an kwance bakin zaren kenan, nauyin faifan yana ja, iskar fanka tana kaɗa shi kullum, a hankali layin farko ya saki, na biyu ya bi shi. Kuma ƙusar da damina tana tsatsa ta bar tabo a kabar.

Yadda ta koya mini, har yau shi nake yi. Ana juya faifan a sa babbar allura da zare mai ƙarfi, irin na ɗinkin takalmi ko na kamun kifi, a zura ta ƙarƙashin layi guda ta baya ba tare da an huda ta gaba ba, a yi ɗan madauki. Wurin madaukin yana da muhimmanci, kamar kashi 1 cikin 3 daga sama. In ya yi kusa da baki ƙusar za ta leƙo a gan ta, in ya sauko tsakiya faifan zai riƙa sunkuyowa gaba yana juyawa. Babba mai faɗin santimita 50 ko fiye, ko matankaɗi mai nauyi, ina kama layi 2 a wurare 2 in haɗa su da zare ɗaya, don kada nauyin ya taru a ɗinki guda. Ƙusa kuma a bango take shiga ita kaɗai, a ɗan karkace kanta na kallon sama. Bangon bulo da siminti sai ƙusar ƙarfe mai tauri, ta katako lanƙwashewa take ta ɓare miki shafe. Bangon ƙasa kuma yana son doguwa, gajera da ta ji nauyi take zamewa.

Amma duk wannan ƙaramin abu ne. Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar da Inna ta yi tana kakkaɓe garin nan daga matankaɗin, ta ce faifan da ke aiki ba ya yin ƙwaro. Kullum ana ɗaukarsa, a buga shi, a sa shi rana, a mayar. Wanda aka kafe a bango wata 5 ba mai taɓa shi, bayansa duhu, ba iska, ai gida aka gina wa ƙwari. Ni kuma ina can ina lissafin launi, ko sau ɗaya ban tambayi kaina me bangon nan yake yi da rana ko da damina ba.

Shi ya sa yanzu in an kira ni ba na fara zancen kaya, bangon nake fara zuwa gani, kuma da la'asar nake so in je. Bangon Hajiya yana kallon tagar yamma, daga wajen ƙarfe 3 rana na kwance a kan rabinsa har ta faɗi. Galurar da ake rina kaba da ita ba ta jure wannan, a abin da na gani ruwan hoda da shuɗi-shuɗin nan mai ja su ke fara tafiya, baƙi da launin kabar na asali su suka fi daɗewa. Kuma koɗewa ba ta da gyara. In mai gida ta nace sai wannan bangon, to ko labule mai kauri ko mu zaɓi fayafai marasa rini sosai. Sannan ina shafa bangon da tafin hannu daga ƙasa zuwa sama, in duba ko fenti na kumbura ko akwai farin gishiri-gishiri a gindinsa, alamar yana shan damshi kenan. Bayan bangon Hajiya banɗaki ne ashe, shi ya sa na ƙasa suka yi funfuna. In kuma na ga siririyar hanyar ƙasa ta hau bango, gara ce, ba na rataya komai sai an yi maganinta, don kaba da ciyawa a wurin gara tuwo da miya ne.

Ƙwaron nan mai zubo gari, sau da yawa tun daga kasuwa ake sayo shi a cikin ciyawar. Yanzu kafin in biya sai na buga faifan a kan tafin hannuna ko farin ƙyalle, in gari ya zubo ko na ga ƴan ramuka kamar na allura na ajiye. Waɗanda na saya ina ɗaure su cikin baƙar leda in shanya a tsakar gida wuni guda lokacin zafi, zafin da ke taruwa a ciki yana kashe ƙwarin, ledar kuma ta tare hasken da zai ci launi. Sai dai su kasance a bushe ƙamas kafin a ɗaure, in ba haka ba gumi za su yi launin ya zuba. Wasu na sawa a firiza kamar sati guda, hakan ma yana yi, amma da yadda ake ɗauke mana wuta ni ban dogara da shi ba.

Da na koma gyara na Hajiya, bango muka canza gaba ɗaya, muka koma wanda ke bayan doguwar kujera, ba ya shan rana kuma ɗaki ne a bayansa. Cikin 17 guda 9 ne suka tsira, na ƙaro 4 da kuɗina. Wannan karon a ƙasa na fara jera su kan tabarma, babban na sa shi ɗan gefe da tsakiya, matsakaita suka kewaye shi, ƙanana suka cike gurabe, tsakanin kowane biyu kamar yatsu 2 zuwa 3. Na hau kujera na ɗau hoto daga sama, na sauya wuri ya fi sau 10 kafin ya kwanta mini, sannan na zana da'irar kowanne a bango da alli. Tsakiyar jeren gaba ɗaya na ajiye ta wajen santimita 150 daga ƙasa, na ƙasa kuma na bar kamar taƙi guda tsakaninsa da kan kujera saboda ɗankwalin masu zama. 13 ɗin nan sun fi 17 ɗin farko kyau nesa ba kusa ba, don na farko duk masu ihun launi ne, ido ba ya samun wurin hutawa. Yanzu ina sa mai ado ɗaya, marasa ado biyu.

Hajiya ta so a shafa musu man ƙyalli irin na kafintoci wai don ƙurar hunturu, na ce a'a, na taɓa gwadawa a kan nawa. Kabar ta yi rawaya ta bushe tana karyewa, ƙurar da ta riga ta shiga tsakanin ɗinki kuma ta manne har abada. Wanki ma haka, ruwa na taɓa shi rinin ya bi farin. Burushin fenti sabo mai laushi kawai na bar mata, na nuna wa yarinyar gidan yadda za ta ciro su ɗaya bayan ɗaya duk ƙarshen wata, ta kakkaɓe gaba da baya, ta share bangon, ta mayar. Da madauki wannan aikin minti 15 ne, da a ce ƙusa ce a cibiya ba mai cirowa.

Malfar dai ba ta koma bango ba, maigidan ya ɗauke ta tun ranar da na sauko da ita, da ita yake zuwa gonarsa ta hanyar Madarumfa.