Godiya ga iyayen ɗaliban ajin ƙarshe, da bayani ga waɗanda ba su samu zuwa taro ba

Assalamu alaikum iyaye maza da mata.

A madadin shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai, ina miƙa godiya ga duk wanda ya bar kasuwarsa, gonarsa ko aikin gidansa ya zo taron da muka yi ranar Asabar kan rajistar jarrabawar yaranmu 'yan aji uku na babbar sakandare. Godiya ta musamman ga iyaye mata, domin tambayoyin da suka fi amfani daga ɓangarensu suka fito. Mun gode wa shugaban makaranta da malami mai kula da jarrabawa, wanda ya tsaya har bayan la'asar yana amsa tambaya ɗaya sau da yawa ba tare da ya ƙosa ba. Haka kuma malamar da ta rubuta duk abin da aka faɗa, da ɗaliban da suka jera kujeru suka raba ruwa. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Waɗanda uzuri ya hana zuwa, mun san ba da gangan ba ne. Saboda ku na ɗauko tambayoyin da aka rubuta da amsoshinsu.

Maganar da ta cinye rabin taron ita ce ta suna. Wata uwa ta tambaya: me ya sa makaranta ta dage sai an kawo takardar NIN, alhali yarinya na cikin rajistar makaranta tun aji ɗaya? Malam ya amsa cewa tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, kuma ba abin da yaro ya faɗa da baki take rubutawa ba. Suna, ranar haihuwa da jinsi duk daga rumbun NIMC, hukumar da ke ba da lambar NIN, take ɗebo su kai tsaye. Sunan da zai hau takardar WAEC ko NECO kuwa daga makaranta yake fita. In biyun nan suka saɓa, ba a ganin matsalar yanzu, sai ranar tantancewa a jami'a, lokacin da za a jera takardu a kan tebur.

Ya kawo misali da abin da ya yi yawa a gidajenmu. Yarinya a makaranta an rubuta ta Aishatu, sai sunan mahaifinta. Ranar da aka je yin NIN yayanta ne ya raka ta, ya ce Aisha, ya ƙara sunan kaka a matsayin sunan dangi, shekarar haihuwa kuma aka yi kintace. A gida mutum ɗaya ce, a takarda mutum biyu ne. Haka Muhammad da Mohammed, haka wanda ya sa sunan garinsu a wata takarda bai sa shi a wata ba. Wani uba ya ce ai akwai takardar rantsuwa ta kotu. Malam ya ce tana iya taimakawa a ƙaramin bambancin harafi, amma kada a dogara da ita a maganar ranar haihuwa, domin gyara bayan takardar sakamako ta fito yana da wuya ƙwarai. Hanya mafi sauƙi ita ce a zauna yanzu da takardar haihuwa, takardar NIN da takardar kammala ƙaramar sakandare, a duba harafi bayan harafi da jerin sunayen. In kuskuren na NIN ne, a nemi gyara wurin NIMC tun da wuri, domin ba a rana ɗaya yake kammaluwa ba. In na makaranta ne, a zo ofis kafin a tura sunaye. Ni a ganina ko wannan kaɗai mutum ya ji, zuwansa taron ya biya.

Daga nan aka shiga maganar layin waya. An tambaya ko yaro zai iya amfani da layin mahaifinsa. Rajistar JAMB tana farawa ne da saƙon tes da ake turawa zuwa 55019 ko 66019, a rubuta NIN, a bar fili, sannan lambobi 11 na yaron:

```
NIN 12345678901
```

Lambobin nan misali ne kawai, kowa ya sa na ɗansa. Sai an samu kuɗin kira a layin saƙon ke tafiya, data ba ta yi. Amsar da za ta dawo tana ɗauke da lambar sirri mai gurbi 10, da ita ake sayen fom. Abin da Malam ya jaddada shi ne, layin da aka tura saƙon da shi ya ɗaure da yaron ke nan. Ta nan saƙonnin hukumar za su riƙa zuwa, ta nan ake duba sakamako. Layin da yaya ko yayarsa suka taɓa yin rajista da shi ba zai karɓi ƙane ba. Ya roƙi iyaye kada su bari mai shagon kwamfuta ya yi amfani da nasa layin, kuma a riƙa sa wa layin kati lokaci zuwa lokaci don kada kamfani ya rufe shi. Masu 'ya'ya a makarantar kwana, uwa ta adana sim ɗin a hannunta.

Wani dattijo ya ce jikansa ya ci darussa bakwai bara amma bai samu gurbi ba, ina dalili? Da aka bincika, lissafi D7 ya samu. Jami'o'i na neman kiredit biyar, wato daga A1 zuwa C6, kuma a mafi yawan fannoni dole Turanci da lissafi su kasance ciki. D7 da E8 wucewa ce, ba kiredit ba. Ana iya haɗa sakamakon zama biyu, misali WAEC da NECO, amma jami'o'i da dama ba sa karɓar haɗi a fannin likitanci. Wannan ne ya sa makaranta ta ba mai hali shawarar ya biya wa ɗansa duka biyun. Wanda bai da hali ya zo a zauna a zaɓi ɗaya tare da malamin ajinsa, ba abin kunya ba ne.

Sai zaɓen darussa huɗu na JAMB, inda jimlar maki 400 ce kuma Turanci wajibi ne ga kowa. Mai son likitanci zai haɗa da bayoloji, kemistiri da fiziks. Mai son injiniya, lissafi, fiziks da kemistiri. Mai son lauya yana buƙatar adabin Turanci. Yaro na iya cin maki mai yawa a rasa ba shi gurbi saboda haɗin darussansa bai dace da fannin da ya nema ba, don haka kada a bar zaɓen nan a hannun mai buga fom.

A kan shekaru amsar gajera ce: 16 ne mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a. Malam ya gargaɗi iyaye kada a ƙara wa yaro shekara a takarda ɗaya, domin hakan saɓanin da muka fara da shi zai haifar.

Tambayoyin kuɗin rajista ba a yanke su a taron ba. Za a aiko da adadin a rubuce da hatimin makaranta, kuma kada kowa ya biya ba tare da rasit ba.

Abin da ake jira daga kowane gida cikin makon nan shi ne kwafin takardar NIN da na takardar haihuwa, da lambar layin da aka ware wa yaro. Uba, uwa ko mai riƙo ya zo da kansa ya duba sunan da ranar haihuwar a jerin da aka buga, ya sa hannu kafin a tura. Wanda ke da maƙwabci mai ɗa a ajin nan da ba ya karanta saƙo a waya, don Allah ya karanta masa.

Allah ya ba yaranmu sa'a, ya yi musu albarka.

Sakataren ƙungiyar iyaye da malamai