Yadda na rabu da sigari ina da cikin wata uku

Shekara shida na yi ina shan sigari a ɓoye. Da shisha na fara a ɗakin wata ƙawata muna makaranta, daga baya na koma kara saboda ya fi sauƙin ɓoyewa. Da na yi aure a Gusau na ci gaba, kara biyar zuwa shida a rana, a bayan gida, in gama in kunna turaren wuta. Maigidana kaɗai ya sani, don shi ma yana sha.

A cikina na farko dabarar da na yi ita ce ragewa. Na dawo kara biyu, na ɗauka na yi wa ɗana adalci. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne yadda nake shan biyun nan: in ja hayaƙin har ƙasan ƙirji, in riƙe, in zuƙe karan har sai ya kusa ƙona mini yatsa. Jiki ne yake neman nikotin, sinadarin taba mai kama mutum, wanda ya saba da shi, kuma yana samu ko da karan ya ragu. Tun daga wata na bakwai nas take auna cikina da tef tana cewa ya gaza. Bayan mako 24, tsayin ciki a santimita yakan yi kusan daidai da yawan makonninsa, ni kuwa a mako 34 nawa 30 ne. Na haifi ɗana watanninsa sun cika, amma kilo 2.2 ya auna, alhali duk jaririn da bai kai 2.5 ba ana lissafa shi cikin marasa nauyi. Har yau ina tuna wuyan hannunsa, bai fi babban yatsana kauri ba, ga shi in ya kama nono sai ya gaji ya saki. Ba zan ce taba kaɗai ce sanadi ba, domin na yi zazzaɓin cizon sauro a cikin nan, amma ita ce abin da yake hannuna.

Da na sami ciki na biyu na je awo a mako 11. Nas ɗin, wata dattijuwa, ta gama tambayoyinta tana shirin rufe katina, sai na ce, "Anti, akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba." Na faɗa mata kaina a sunkuye. Ba ta yi salati ba, ba ta kuma kira kowa ba. Ta ce, "Ƙanwata, kara nawa a rana, kuma in kin tashi da safe minti nawa kike yi kafin ki kunna na farko?" Na ce ba na kai rabin awa. Ta ce to jikina ya kamu sosai, sai mun yi shiri.

Ita ta fahimtar da ni abin da ke faruwa a ciki. Jariri ba ya numfashi da kansa, iskar oksijin daga jinin uwa take isa gare shi ta mabiyiya da igiyar cibiya. Hayaƙin taba yana ɗauke da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda take manne wa jini a gurbin da oksijin ya kamata ya zauna. Nikotin kuma yana matse jijiyoyin da ke kai jini mahaifa. Wato jinin da ke zuwa ya ragu, ɗan wanda ya zo ma iskarsa ba ta cika ba. Shi ya sa jariran masu shan taba sukan gaza sauran da kimanin giram 200 a matsakaici, kuma haɗarin ɓari, da haihuwar bakwaini, da ɓallewar mabiyiya kafin haihuwa, da mutuwar jariri a ciki ko cikin barci bayan haihuwa duk yana ƙaruwa. Na tambaye ta ko in koma shisha. Ta ce ruwan tulun ba ya tace gubar, gawayin da ake ɗorawa a kai ma ƙarin kabon monoksaid ne. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne da ta ce wadda ta daina kafin mako 15, haɗarin bakwaini da ƙanƙantar jariri yakan dawo kusan daidai da na wadda ba ta sha, kuma ko a wane wata aka daina jariri yana amfana.

Muka sa rana, Juma'a ta sama, ina mako 13. Kafin ranar ta sa na rubuta lokacin da nake kunna kowane kara. Sai na ga ashe lokuta uku ne: bayan shayin safe, bayan abincin rana idan gida ya yi shiru, da duk sanda raina ya ɓaci. Daren Alhamis na jiƙa sauran kwalin da ruwa na zubar, na ba da ashanar da nake ɓoyewa, na wanke hijaban da suka kama wari.

Aiki mafi wuya shi ne maigida. Na ce masa, "Baban yaro, ban ce ka daina yau ba, amma kada ka sha a gidan nan, kada ka shigo da kwali a aljihu." Hayaƙinsa ma yana isa ga jaririn ta huhuna. Ya yarda, ya koma sha a waje, yana dawowa ya canza riga.

Kwana ukun farko na sha wuya. Kaina ya yi ta sarawa, barci ya ƙi, abu kaɗan in fashe da kuka. Amma na gano sha'awar tana zuwa ne ta wuce, da wuya ta haura minti biyar. In ta taso sai in duba agogo, in sha ruwan randa kofi guda a hankali, in ɗauki asuwaki in yi ta gogawa, ko in fita tsakar gida in kama tsince shinkafa. Shayin safe na bar shi na koma kunun gyaɗa, domin ƙamshin shayin kaɗai yana tuna mini. Na ajiye aya da gyaɗa don baki ya sami abin yi. Goro na so in kama, nas ta ce in yi hankali, yana da sinadarin da ke hana barci irin na kofi, kuma mai ciki ba a so ta yawaita shi. Cikina ya ɗaure har kusan mako biyu, miyar kuka da zogale da yawan ruwa suka warware shi. Zuwa mako na huɗu sai in wuni ban tuna ba.

Akwai ƙyallen nikotin da ake mannawa a fata da cingam ɗinsa. Nas ta ce in na kasa za ta haɗa ni da likita, domin sun fi sigari sauƙin illa tunda babu hayaƙi, amma mai ciki ba ta saye da kanta, kuma ƙwayoyin daina taba da ake ba wasu ba a ba masu ciki. Ban kai ga buƙatarsu ba.

Na zame sau ɗaya, a mako 20. An yi mana rasuwa, na ga kara a motar maigida, na sha rabi. Na kwana ina kuka, zuciyata tana cewa tunda na karya shi ke nan. Da safe na je na faɗa wa nas. Ta ce rabin kara bai rushe mako bakwai ba, abin tsoro shi ne na biyu. Muka ƙara mota cikin wuraren da ba a ajiye taba.

'Yata ta zo a mako 39, kilo 3.1. Ranar sallama nas ta ja ni gefe ta ce mata da yawa bayan haihuwa suke komawa, lokacin jego, ga rashin barci ga gajiya, kuma nikotin yana bi ta nono. Gaskiya ta faɗa, ana saura kwana kaɗan in yi arba'in sha'awar ta dawo mini da ƙarfi cikin wani dare. Na ɗauki asuwaki na zauna bakin gado ina kallon agogo har ta wuce. Yanzu yarinyar tana wata tara, ta fara rarrafe, maigida kuma ya sa tasa ranar, farkon azumi mai zuwa.