Lissafin kitsen yini guda: inda na kai da tukunyar gidanmu

'Yan'uwa masu koyon lissafin abinci, sannunku da ƙoƙari. Na wuce matakin karanta jikin gwangwani, yanzu ina kan haɗa jimillar kitsen da Babanmu yake ci daga karin kumallo zuwa tuwon dare, tun da likita ya ce mugun kwalastaral ya hau masa. Abin da na gano shi ne, wahalar aikin ba ta cikin tarawa. Tana wajen gano cokali nawa na mai ya shiga kwanon mutum ɗaya daga tukunyar gida, da kuma wane irin mai ne.

Shafin littafina gida uku ne: jimillar kitse, kitse mai daskarewa, wato wanda ake rubuta saturated a jikin kaya, sai marar daskarewa. Na farko da na biyu kawai nake nema, na uku kuma in cire na biyu daga na farko. Amsar takan ɗan haura gaskiya kaɗan, amma ba ta ɓata hukunci.

Iyakar kuwa ga yadda ake fitar da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada kitse mai daskarewa ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin abincin yini. Ga mai cin kalori 2000, kalori 200 ke nan, kuma giram ɗaya na kitse kalori 9 ne, sai a samu kimanin giram 22. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta fi tsanantawa, tana saukar da shi zuwa wajen giram 13. Wadda za a bi a cikinsu, da yawan kalorin da ya dace da jikin mutum, likitansa ne zai faɗa. Ni dai na rubuta duka biyun a saman shafi.

Cokalin lissafi mililita 15 ne, mai kuma a cikinsa kusan giram 14. Cokulan kicin ba girmansu ɗaya ba, don haka na gwada namu da murfin awo na maganin yara, na ware wanda ya yi daidai. A cokali ɗaya, manja yana da giram 7 na mai daskarewa, rabinsa ke nan. Man shanu soyayye yana da wajen 8.5. Man gyaɗa na asali bai wuce 2.5 ba, sauran duk marar daskarewa ne.

Na ce na asali da dalili. A kasuwa duk farin mai sunansa man gyaɗa, alhali da yawa daga wanda ake aunawa daga jarka tataccen man kwakwar manja ne, wanda ke da wajen giram 6 a cokali. Ba shi da ƙamshin gyaɗa, kuma da sanyin hunturu za ka ga ya yi gajimare ko ya kwanta fari a gindin kwalba. In akwai rubutu a jiki, a duba abin da aka yi man da shi. In babu, ni ina lissafa shi a matsayin na kwakwar manja.

Ga yinin da na bi daki-daki. Da safe koko da ƙosai biyar, da shayi mai garin madara. Don sanin man da ƙosai ya sha, na auna mai kafin a zuba a kasko, na sake aunawa bayan ya huce. An zuba cokali 20, an kwashe 12, ƙosai kuma 40 ne, saboda haka kowane biyar sun tafi da cokali ɗaya. Man jarka ne, sai na rubuta jimilla 14, mai daskarewa 6. Madarar, giram 15 ta mai cikakken kitse, ta ba da 4 da 2.5.

Da rana shinkafa da wake da mai da yaji. Baba da hannunsa yake kwarara manja, sai na roƙe shi ya zuba a cokali tukun kafin ya juye a kwano. Cokali biyu cif: 28 da 14.

Miyar dare ce ta fi neman natsuwa, kuma a nan nake so mu daɗe. Kada a raba man tukunya da yawan mutanen gida, domin yaro ɗan shekara biyar da maigida ba miya ɗaya suke sha ba. Da ludayi ake rabawa. Inna ta sa manja cokali 6 a miyar kuka, na tsaya kusa da ita ina ƙirga zubi, miyar ta fita ludayi 12. Kwanon Baba ya samu biyu, wato kashi ɗaya cikin shida, cokali ɗaya ke nan: 14 da 7. Wannan rabon yana aiki a miyar kuka da ta kuɓewa saboda yauƙi yana riƙe mai a ko'ina. A miyar dage-dage kuwa mai tasowa yake yi sama, kuma da yake kwanon maigida ake fara zubawa, nasa yakan fi na kowa maiƙo. Sai a juya tukunya sosai kafin a ɗiba, ko a kwashe man saman a auna shi daban. Bayan miya akwai man shanu cokali ɗaya a kan tuwo, 14 da 8.5, da naman sa giram 60 mai ɗan kitse, wanda na ƙiyasta 10 da 4.

Da na tara, jimilla ta kama giram 84, mai daskarewa 42, marar daskarewa kusan 42. Ban sa ɗan kitsen da ke cikin gero da masara da wake ba, kaɗan ne kuma yawancinsa marar daskarewa. Giram 42 ya kusa ninka 22 sau biyu, kuma nama, wanda duk gida ke zargi, 4 kacal ya kawo. Manja da man jarka da man shanu su suka kawo 35.5.

Na sake tsara yinin ba tare da canza ko kwano ɗaya ba. Ƙosai a man gyaɗa na asali, shinkafa da wake da cokali ɗaya na man gyaɗar, manjan miya a rage rabi, man shanu ya koma ƙaramin cokalin shayi, wajen giram 3 na mai daskarewa. Madara da nama suna nan yadda suke. Jimilla ta sauko 54, mai daskarewa 18, marar daskarewa 36. Ban goyi bayan a hana dattijo man shanu baki ɗaya ba matuƙar lissafi ya ba da wuri, domin ƙamshinsa ne ke sa ya ci tuwon da marmari. Idan likita ya ce a nufi 13, to nan za a cire shi, a kuma nemi madara marar kitse.

A kula da gida na uku. In mai daskarewa ya sauka amma aka cike gurbinsa da sukari da farin burodi, zuciya ba ta ci wata riba ba. Amfanin yana fitowa ne idan marar daskarewa ya maye gurbinsa, irin na gyaɗa da riɗi da waken suya da kifi, shi ne ke taimakawa wajen sauko da mugun kwalastaral.

Aikin da ke gabana waina ce. Zan auna man kafin a fara zubawa a tanda da bayan an gama, in raba abin da ya ƙare da yawan wainar, miyar taushen kuma in bi ta da ludayi. Mai son mu gwada sakamako, ya rubuta irin man da ya yi amfani da shi da girman tandarsa.