Hoton Birni da tace rubutu

Yau da yamma na tura wa yarinyar da ke gyara mini rubutu hoton wani tsohon gida na Birni, tsohuwar unguwar Zinder, mai zane a bango, ana gab da magariba. Na ce ta kawo taken da za a sa a ƙasansa, ya yi daɗi. Ta turo guda uku, duk da kirari: Damagaram ta Tanimun, gidan sarauta, alfahari. Hausarta ba laifi, amma ba bakina ba ne.

Sai na yi mata saƙon murya. Na ce: "Ƙanwata, kewa ce nake ji, ba taƙama ba. Kakata ta zauna a irin gidan nan. Rubuta kamar kina faɗa wa mutum ɗaya a zaure, kalma goma ko ƙasa, ba kirari, ba alamar motsin rai." Na haɗa mata da tsofaffin rubutuna biyu, na nuna wanda ya fi kusa. Taken da ta sake kawowa ya ce: "Bangon nan ya san muryar kakata." Kalma ɗaya na taɓa. Ashe "ya yi daɗi" ba ya gaya wa edita komai, sai ka faɗi abin da ke ranka da wanda kake yi wa magana.