Ciniki ya ƙaru, riba ta ragu: yadda na samu banki ya sassauta mini biyan bashi

A watan Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin wutar lantarki ga masu layin rukunin A, daga naira sittin da wani abu zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Daga baya an ɗan rage, amma bai sauko ƙasa da 200 ba. Shagona na ƙanƙara da lemo mai sanyi a Kano yana kan wannan layin, kuma firizojina suna shan kusan yunit 1,500 a wata. Kuɗin wutar da nake biya ya tashi daga wajen dubu 100 zuwa sama da dubu 300, a lokaci guda.

Firizojin nan da bashin banki na saye su. Naira miliyan 3 na karɓa a watan Oktoban 2023, a biya cikin wata 24, ruwa kashi 30 cikin ɗari a shekara, wanda ake lissafawa a kan abin da ya rage. Duk ranar 28 ga wata ana cire kusan dubu 168. Na san abin da malamai suka ce a kan bashi mai ruwa, kuma ba wannan na zo tattaunawa ba, an riga an shiga.

Farkon watan Yuni na kai takarda, tun kafin in tsallake biya ko sau ɗaya. Na bayyana ƙarin kuɗin wuta, na ce samu ya ragu, na roƙi a sassauta, na haɗa da bayanin asusuna na wata shida. A ganina magana ta ƙare, domin ƙarin kuɗin wutar nan babu wanda bai ji shi a rediyo ba.

Jami'in da ke kula da asusuna ya kira ni ofis, ya juyo mini da allon kwamfutarsa. "Alhaji, ka ce samu ya ragu. To ga asusunka. Kuɗin da ke shigowa ƙaruwa suka yi. Idan na kai wannan gaban kwamiti, cewa za su yi kana da kuɗi, biya ne ba ka son yi."

Har yau in na tuna sai raina ya sosu, domin a kan abin da ke gabansa gaskiya ya faɗa. Na ƙara kuɗin ƙanƙara, kamfanonin lemo sun ƙara nasu ni ma na ƙara, ga shi lokacin zafi ne. Cinikin da yake miliyan 1 da dubu 400 a wata ya koma miliyan 1 da dubu 560. Banda wannan, ƙanina da ke aiki a Fatakwal ya turo dubu 600 ta asusuna don in saya masa bulo da siminti, ga kuɗin adashenmu na 'yan layi da ni ke tarawa. Duk waɗannan a idon banki shiga ce. Wutar kuwa, wadda ita ce tushen kukan, yawanci a wajen mai POS na bakin titi muke saye da tsabar kuɗin cinikin yini, saboda haka ko alamarta babu a asusun. Takardar da na kai don ta tsaya mini, ita ta ba da shaida a kaina.

Wannan ya ci mini wata guda cur. Biyan watan Yuni sai da na je wajen surukina na ranto dubu 70 na cika. Wanda ya taɓa zama gaban surukinsa da irin wannan buƙatar ya san tsadarta ta fi ta kuɗin.

Takarda ta biyu shafi ɗaya ce, da shafi ɗaya na lissafi a bayanta. Da Turanci aka rubuta ta, zuwa ga manajan reshe, ta hannun jami'in asusuna. A sama akwai sunana, lambar asusu, ranar da aka ba ni bashin, adadinsa, da abin da ya rage. Wannan na ƙarshen ban ƙiyasta shi ba, na sa sun buga mini: bayan biya takwas, saura kusan miliyan 2 da dubu 190. Mutum zai ɗauka ya ci kashi ɗaya cikin uku na bashin tunda ya biya takwas cikin 24, amma a watannin farko ruwa ne ke cinye kaso mai yawa. Jimla ta farko ta ce na biya sau takwas ba tare da jinkiri ba. Ta biyu ta faɗi abin da nake nema. Dogon bayanin halin da ƙasa ke ciki duk na cire, su ma a ƙasar suke.

Shafin lissafin shi ne ya yi aikin. Na jera wata uku na kafin ƙarin, Janairu zuwa Maris, gefe da wata uku na bayansa, Afrilu zuwa Yuni, na fitar da matsakaicin kowane. Kafin ƙari, ciniki miliyan 1 da dubu 400, sarin kaya dubu 730, wuta dubu 100, albashin yara da haya da gyare-gyare dubu 170. Abin da ke saura dubu 400, a ciki nake ciyar da gida in biya banki. Bayan ƙari, ciniki miliyan 1 da dubu 560, sari dubu 800, wuta dubu 320, sauran na nan a dubu 170. Abin da ke saura dubu 270. Ciniki ya hau da dubu 160, abin da ke shiga aljihuna ya sauka da dubu 130. Na rubuta wannan jimlar ita kaɗai a layinta, na ja layi a ƙarƙashi, domin ita ce amsar tambayar da aka yi mini a ofis.

Kowane adadi na ba shi abin jingina. Na wuta, na nemo tarihin sayen yunit na lambar mitata, wanda ke nuna rana da kuɗi da yawan yunit, kuma a nan ake ganin yunit ɗin bai ƙaru ba, kuɗinsa ne ya ninka. Na sari, rasitan dila. Sannan na ɗauki bayanin asusun nan da ya kunyata ni, na bi shi layi-layi da biro, duk kuɗin da ba na ciniki ba na yi masa alama na rubuta na wane ne, da ranar da ya fita. Na ƙanina ya shigo ya fita zuwa mai siminti cikin mako ɗaya, na nuna duka biyun. Kada ka bari su gano irin wannan kuɗin da kansu. In kai ka nuna, bayani ne. In su suka tono, ɓoyo ne.

Sai adadin da zan iya biya. Takarda ta farko cewa ta yi a sassauta kawai, kuma jami'in ya ce mini kwamiti ba ya amincewa da "sassauci", adadi da wa'adi yake sa wa hannu. Daga dubu 270 na ware dubu 140 na gida, bayan an matse sosai. Saura dubu 130. Ban ce zan biya 130 ba, na ce 110, saboda damina ta riga ta kankama, bayanta ga hunturu, kuma mai ƙanƙara ya san abin da watan Disamba ke yi wa ciniki. Na rubuta wannan dalilin a fili. A dubu 110, ragowar bashin zai ɗauki wata 28 maimakon 16 da suka rage. Na kuma ba su zaɓi na biyu: wata uku in riƙa biyan ruwa kaɗai, wajen dubu 55, sannan a ci gaba. Ban so wannan ba, domin uwar kuɗin ba ta motsi, amma na sa shi don kada amsar ta zama e ko a'a kawai.

Na kai kwafi biyu, na tsaya aka buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan nawa. Na kuma je na sanar da wanda ya tsaya mini tun kafin banki ya kira shi, don sabuwar yarjejeniya sai da sa hannunsa.

Abin da ya sa na yi ta gaggawa shi ne takardun da na sa wa hannu tun ranar karɓar bashi. A ciki akwai izinin GSI, tsarin da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da shi a watan Agustan 2020, wanda ke ba banki damar cire bashin da aka kasa biya daga asusunka na wasu bankuna ta hanyar BVN. Da abin ya kai can, kuɗin adashen mutane ma ba su tsira ba. Ga kuma tarar jinkiri, ga sunan mutum da ake kai wa hukumomin da ke ajiye tarihin masu cin bashi. Kuma kai takarda ba ya dakatar da komai. Har sai sabuwar yarjejeniya ta fito an sa hannu, tsohuwar ce ke aiki, ranar 28 tana nan a 28.

Amsa ta fito kwanaki kaɗan kafin biyan Yuli. Ba su ba ni wata 28 ba, 24 suka bayar, a kan kusan dubu 122 da 500 duk wata, da kuɗin sake tsari rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ragowar, wajen dubu 11. Ya fi abin da na nema, amma yana ƙasa da 130 ɗin da lissafina ya nuna. Na lura daga shafina suka ɗauko iyakar. Da na kumbura kuɗin gida don in nuna ba ni da komai, da sun ce sana'ar ba za ta iya ɗaukar bashin ba gaba ɗaya, su koma kan firizojin da mai tsaya mini. Da na rubuta 130, da watakila abin da ya fi haka za su yanka.

Kafin in sa hannu na zauna da kalkuleta. A tsohon tsari, biya 16 da suka rage sun kama kusan miliyan 2 da dubu 685. A sabon, biya 24 sun kama kusan miliyan 2 da dubu 940. Wato numfashin da na samu na dubu 45 a wata, kuɗinsa sama da dubu 250 ne, banda na sake tsari. Babu wanda ya faɗa mini wannan a ofis, kuma ba a rubuta shi a dunƙule a takardar ba. Wani maƙwabcina da ya sayi injinsa ta hanyar murabaha a bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, nasa daban ne: farashin da aka yanke tun farko shi ne bashin, ƙara wa'adi ba ya ƙara shi, ko da yake su ma sai sun ga lissafi kafin su saurare ka.

Saboda wannan dubu 250 ɗin na ƙi sa hannu a ranar. Na koma na ce, "Yallaɓai, a ƙara mini layi ɗaya. In zafi ya dawo, daga Maris zuwa Mayu, ina so in riƙa zuba ƙari a kan uwar kuɗin, ba tare da an caje ni kuɗin biya kafin lokaci ba." Ya ce ai ba matsala, in na kawo za su karɓa. Na ce a rubuta. Aka sake buga takardar da layin a ciki, sannan na sa hannu.

Washegari na buɗe wani asusu daban na adashe da saƙonnin 'yan uwa, wuta kuma yanzu daga asusun shago ake sayenta kai tsaye, ko da ta dubu biyar ce.