Shafin dokar Newton ta biyu, daga hoton waya zuwa Hausa

Shafin da na fassara na littafin fiziks ne na ɗaliban babbar sakandare, aka turo mini hotonsa ta waya domin yaran da muke yi wa darasin yamma a Aboabo, nan Kumasi. Da Turanci suke karatu, da shi kuma za su rubuta jarrabawar WASSCE, amma bayani ya fi zama musu idan da Hausa ya zo. A shafin akwai fomula biyu, `F = ma`, wato dokar Newton ta biyu, da `W = mg`, da zanen akwati ana jan sa da igiya, da misali ɗaya da aka warware. Fomulolin ban taɓa su ba. Duk wahalar tana cikin kalmomin da ke kewaye da su, kuma fomular ce alƙalin da ke nuna ko kalmar da na zaɓa ta yi daidai.

Kafin na fassara komai sai da na kwafe kowace fomula da kowace lamba da hannu a takarda, ina zuƙo hoton har ƙananan alamomi suka fito. Hoton da ya bi ta WhatsApp yana rage kyau, kuma abin da ya fara ɓacewa shi ne ɗan ƙaramin rubutun da ke sama. Ma'aunin `m s⁻²` kan koma `m s²` idan ɗan layin ya dushe, alhali na farkon ne ke nufin mita a kowane sakan, a kowane sakan. A gefen da littafi ke lanƙwasa wajen ɗinki ma haruffa kan matse. Wanda duk zai turo hoto, ya shimfiɗa shafin sosai, ya ɗauka da hasken rana ba da fitilar waya ba, ya turo shi a matsayin fayil don kada a matse shi. Akwai kuma abin da idon mai sauri ba ya gani. Harafin *m* da ya karkata adadi ne, `m` da ya miƙe tsaye kuwa mita ce, ga su a layi ɗaya. Da na buga na Hausa na bar kowanne yadda yake.

Sai babbar matsalar shafin. Mu a Hausa nauyi ɗaya muka sani. A kasuwar Kejetia in ka tambayi nauyin buhun shinkafa, kilo 50 za a ce maka, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Amma `W = mg` tana magana ne a kan abubuwa biyu dabam. Harafin `m` yawan abin da ke jikin buhun ne, da kilogiram ake auna shi, kuma ba ya canzawa ko ina aka kai buhun. Harafin `W` kuwa ƙarfin da ƙasa ke jawo buhun da shi ne, ana auna shi da niyuton, alamarsa `N`. Harafin `g` kuma ƙarin gudun da abu ke yi ne a kowane sakan idan yana faɗowa ƙasa. In na kira su duka nauyi, jimlar za ta fito cewa nauyi daidai yake da nauyi sau `g`, kuma yaro mai hankali zai ce ashe `g` ɗaya ce kenan. Shi ya sa na bar wa `W` kalmar nauyi, `m` kuma na aro mata kalmar da yaran ke ji a aji, wato mas, na bayyana ta da jimla guda a inda ta fara fitowa. Na so in ce "yawan abu", amma yawa kan ja hankali zuwa ga girma ko cika, buhun auduga kuwa ya fi na siminti girma ba tare da ya fi shi mas ba. Aron ya fi mini aminci, kuma yana riƙe da dangantakar kalmar da harafinta, domin ranar jarrabawa `m` ɗin za su gani.

Na gwada zaɓin da lissafi. Littafin ya ce a ɗauki `g = 10 m s⁻²`, kamar yadda aka saba a tambayoyin jarrabawa, ko da yake ainihinta kusan 9.8 ce. Buhu mai mas 50 kg nauyinsa 500 N ne a nan. A duniyar wata, inda `g` take kusan 1.6, nauyinsa zai koma 80 N, mas ɗinsa yana nan 50 kg. In jimlar Hausa ta iya faɗin wannan ba tare da ta ci karo da kanta ba, kalmomin sun zauna. Daga nan na bi shafin da biro: duk inda `kg` ta biyo bayan lamba, kalmar da ke gabanta mas ce, duk inda `N` ta biyo, ƙarfi ne ko nauyi. Ban yarda na sauya kalma don daɗin salo ba, ko da ta maimaitu sau goma.

Abin da ya fi ba ni tsoro a irin wannan aiki ƙananan kalmomi ne da suke ɗauke da lamba a ɓoye. Misalin shafin ya ce akwati mai mas 5 kg yana ajiye, aka ja shi da ƙarfi 30 N a kan daɓe, gogayya tsakaninsa da daɓen kuma 10 N ce. Kalmar "yana ajiye" tana nufin gudun farko sifili ne, `u = 0`, don haka na rubuta "yana ajiye, ba ya motsi". A bayanin dokar kuma, Turancin ya sa wata sifa a gaban ƙarfi, wadda mai gaggawa zai tsallake don yana ganin ado ce. Ita ce ke cewa `F` ba jan igiyar kaɗai ba ne, abin da ya rage ne bayan an haɗa duk ƙarfin da ke kan akwatin, kowanne da inda ya nufa. Na rubuta "ƙarfin da ya rage bayan an cire na gogayya daga na ja". Lissafin ya tafi haka:

```
F = 30 − 10 = 20 N
a = F/m = 20/5 = 4 m s⁻²
```

Da na ce "ƙarfi" kawai, ɗalibi zai raba 30 da 5 ya sami 6, fomularsa daidai, amsarsa kuskure, kuma ba zai gane inda ya zame ba domin laifin yana cikin Hausar da aka ba shi.

Shi ma `a` bai yarda da gajeriyar kalma ba. "Ƙarin gudu" ya dace da wannan akwatin, amma a shafi na gaba mota za ta taka birki, `a` ta fito da alamar ragi. Na zaɓi "sauyin gudu a kowane sakan", wanda ya ɗauki ƙari da ragi duka, kuma ya yi daidai da ma'aunin: gudun akwatin yana ƙaruwa da mita 4 a sakan, cikin kowane sakan.

Zanen kuwa sake zana shi na yi. Kibiyoyi da haruffa da lambobinsu suna inda suke, rubutun da ke ƙarƙashi kaɗai ya koma Hausa. Lambobin da littafin ya ba fomuloli ma na bar su, don mai riƙe da littafin ya iya gwada biyun.

Gwaji na ƙarshe shi ne na rufe hoton, na ba wata ɗaliba takardar Hausar kaɗai ta warware misalin. Ta sami 4, sannan ta ce, "Malam, daɓen nan mai santsi ne ko mai kaushi?" Tambayar a kan hanya take, domin a littattafan fiziks in an ce daɓe mai santsi, ana nufin a ɗauka babu gogayya sam, mu kuwa a wajenmu santsi yana nufin abu na zamewa ne kawai. Na ƙara "mai kaushi" a wannan misalin, a tambayoyin ƙasan shafin kuma duk inda santsi ya fito na bi shi da "wato babu gogayya".